Sirace da ganyen turare da na'a-na'a: a yi wa ƙaramin yaro ko a bari?

"Assalamu alaikum. Tun shigowar hunturu yarana biyu ke fama da mura. Babbar shekararta 7, ƙaramin watansa 14. Hancinsa a toshe yake, in ya kama nono sai ya saki ya yi kuka, da dare kuwa ba ma barci. Hajiyar maigidana ta ce a tafasa ganyen turare da na'a-na'a, in ɗora shi a cinyata a lulluɓe mu da bargo ya shaƙa. Ni ina yin siracen kuma ina jin daɗinsa. In yi musu?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba yaran lafiya. Ƙaramin dai kar ki yi masa, ko da ganye ko da ruwan zafi zalla. Babbar ma ban ba ki shawarar ki zaunar da ita gaban tukunya ba. Ke da kike babba, in kina jin daɗinsa, akwai yadda za ki yi ba tare da kin jawo wa kanki ko yaran wata masifa ba. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin yara, kuma duk shekara daga Disamba zuwa Fabrairu sai mun karɓi yaron da aka yi niyyar buɗe masa hanci aka ƙare da wankin ƙuna. Don haka bari in yi miki bayanin dalilin, saboda in kin gane shi, za ki fi jin sauƙin fahimtar da Hajiya.

Abin da ya toshe hancin

Yawancinmu muna ɗauka majina ce ta cika hanci kamar yadda datti ke cika kwata, shi ya sa muke neman abin da zai narkar da ita. Majinar tana da nata rabon, amma babban abin da ke toshe hanci lokacin mura kumburi ne. Cikin hanci akwai wata tattausar fata mai cike da ƙananan jijiyoyin jini. In ƙwayar cutar mura ta shiga, jijiyoyin nan sai su buɗe su cika da jini, fatar ta kumbura, hanyar iska ta matse. Shi ya sa za ki fyace har ki gaji, babu abin da ke fitowa, hancin kuma yana nan a toshe. Shi ya sa kuma in kin kwanta ta gefe ɗaya, ƙofar hancin da ke ƙasa ce ke rufewa, ta saman ta buɗe.

Tururi ba ya sauke wannan kumburi. Abin da yake yi shi ne jiƙa busasshiyar majina da ɓawon da iskar hunturu ta bari, ya kuma sa mutum ya ji ɗumi a fuska na ɗan lokaci. Masu tattara sakamakon bincike na Cochrane sun haɗa gwaje-gwaje 6 da aka yi kan mutum 387 masu mura, a bitar da suka fitar a 2017, ba su ga wata hujja tsayayya cewa shaƙar tururi na rage mura ba. A Ingila an yi wani babban gwajin da aka buga a 2016 kan mutum 871 masu yawan fama da toshewar hanci da kogunan fuska. Waɗanda suka yi sirace ciwon kai ya ɗan ragu musu, amma toshewar tana nan, alhali waɗanda suka riƙa wanke hanci da ruwan gishiri sun samu sauƙi. Ki riƙe wannan na ruwan gishirin, zan dawo gare shi.

To me ya sa ke kike jin hancinki ya buɗe? Ba ƙarya kike ji ba. A cikin na'a-na'a akwai sinadarin mentol, shi ne wannan sanyin da ake ji a mantaleta da alawar tari. A ganyen turare kuma, wanda wasu ke kira zaiti, akwai mai mai ƙamshi da yawancinsa wani sinadari ne da ake kira siniyol. Mentol yana taɓa jijiyoyin da ke jin sanyi a cikin hanci, sai su aika wa ƙwaƙwalwa saƙo kamar iska mai sanyi na wucewa da yawa. Masu bincike a cibiyar nazarin mura ta Jami'ar Cardiff sun auna yawan iskar da ke ratsa hancin mutane kafin su shaƙi mentol da kuma bayan sun shaƙa. Mutanen sun ce sun ji hanci ya buɗe, na'urar kuwa ta nuna hanyar iskar ba ta faɗaɗa ba. Ga babba wannan jin sauƙin ba banza ba ne, in zai sa ki samu barci ai ya yi amfani. Amma ɗan wata 14 da ke so ya sha nono yana numfashi ta hanci, iskar gaske yake buƙata ta wuce, kuma ƙamshi ba zai ba shi ita ba.

Tukunyar da bargon

Mafi yawan yaran da sirace ya kawo mana, ba tururin ne ya ƙona su ba, ruwan ne. Ki duba yadda ake shirya abin. Ruwa ya sauka daga wuta yana kusan digiri 100. An ajiye tukunya ko roba a ƙasa, daf da ƙafafun uwa. An ɗora yaro a cinya, an lulluɓe shi cikin duhu da zafi da wari mai yaji a ido. Wane yaro ne zai zauna lafiya a haka? Zai yi zillo, zai harba ƙafa, uwa kuma ba ta ganin tukunyar saboda bargo, hannayenta biyu suna riƙe da shi. Fatar ƙaramin yaro ta fi ta babba laushi da rashin kauri sosai, ruwan da bai wuce digiri 60 ba ma yana iya yi masa ƙuna mai zurfi cikin 'yan daƙiƙu kaɗan. Ruwan da aka sauke daga wuta kuwa yana daɗewa bai sauko zuwa 60 ba, musamman a tukunya mai murfi.

Akwai wata yarinya 'yar wata 11 da ba na mantawa. Uwarta ta yi daidai abin da aka ba ki shawara, a roba ta zuba ruwan, ta sa ganye da ɗan man shafawa mai zafi. Yarinyar ta tokare bakin robar da diddige, ruwan ya kife a cinyoyinta da ƙasan cikinta. Tana sanye da famfas da wandon sanyi, su kuma suka tsotse ruwan suka riƙe zafin a jikin fata, kuma cikin ruɗewa an ɗauki mintoci ba a cire su ba. Kafin a iso da ita an shafa mata ɗanyen ƙwai da man goge baki. Muna auna girman ƙuna da tafin hannun yaron kansa haɗe da yatsunsa, wanda ke daidai da kusan kashi 1 cikin 100 na fatar jikinsa. Tata ƙunar ta kai tafi 7. Sai da muka fara kankare abin da aka shafa kafin mu ga zurfin ciwon, kuma wannan kankarewar ita ce mafi zafi a duk jinyar. Ta yi sama da mako 2 a kwance ana wanki. Murar da aka yi siracen dominta kuwa ta warke da kanta a kan gadon asibiti tun a makon farko.

Ba mu kaɗai ke ganin haka ba. A farkon korona a 2020, da mutane suka rungumi sirace a ko'ina, likitocin sashen ƙuna na asibitin yara na Birmingham sun ba da rahoton cewa yaran da ake kawo musu da ƙunar sirace sun ninka kusan sau 30, kuma ƙaraminsu jariri ne ɗan mako 2.

Tunda maganar ƙuna ta taso, ki ajiye wannan a ranki ko ba don sirace ba. In ruwan zafi ya zube wa yaro, a cire tufafi da famfas nan take, sai dai abin da ya manne da fata, shi a bar shi. A riƙa kwarara ruwa mai sanyi na famfo ko na randa a wurin har minti 20 cikakku, ana dubawa a agogo, sauran jikin kuma a rufe shi don kada sanyi ya kama yaron. Ba ƙanƙara, ba ƙwai, ba manja, ba gishiri, ba man goge baki, kuma kada a fasa ƙurajen ruwan da suka taso. A rufe da tsabtataccen ƙyalle mara gashi a tafi asibiti. Ƙunar da ta taɓa fuska, hannu, al'aura ko gaɓa, ko wadda ta fi tafin hannun yaron girma, ba ta jinyar gida ba ce.

Ganyen da man

Ko da an kawar da haɗarin ruwan, saura ƙamshin kansa. Maƙogwaron ƙaramin yaro siriri ne kuma mai saurin amsawa. In ƙamshi mai ƙarfi irin na mentol ko kafur ko man turare ya bugi cikin hancinsa, jikinsa na iya ɗaukar abin a matsayin haɗari, sai maƙogwaron ya shaƙe ko numfashi ya tsaya na ɗan lokaci. Wannan ne dalilin da hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta ce kada a yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 2 amfani da man na'a-na'a, a 2014 kuma ta ce man turare sai ya wuce wata 30. Ki ɗauko kwalbar man shafawa mai zafi ki karanta abin da aka rubuta a jikinta, galibi za ki ga an ce ba na 'yan ƙasa da shekara 2 ba ne, kuma ba a sa shi cikin hanci. Amma mu nan ai da yatsa muke lakata mu cusa wa jariri a ƙofar hanci, muna ganin gata muka yi masa. Irin wannan man yana iya fusata hanyar numfashi ta ƙara fitar da majina, sai toshewar ta ƙaru.

A bambanta ganye da mai. Ganye ɗan damƙi a tukunya ƙarfinsa kaɗan ne. Man da aka tatse aka sa a ƙaramar kwalba kuwa guba ne in an haɗiye shi. Abin da bai kai cokalin shayi ɗaya na man turare ba yana iya sa ƙaramin yaro ya yi laushi, ya riƙa layi, barci mai nauyi ya ɗauke shi, har ya kai ga jijjiga, kuma alamun kan bayyana cikin mintoci zuwa 'yan sa'o'i. Kafur ma haka yake. Kwalbar kuma ta yi kama da ta maganin ɗigawa, an sha samun wanda ya ɗiga wa yaro a baki ko a hanci cikin dare bisa kuskure. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, don man na iya faɗawa huhu, kada kuma a ɗura masa manja ko madara. A ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti ko da yaron yana wasansa.

Wani abu kuma da ya shafe mu musamman: akwai yara da yawa a ƙasar nan, galibi maza, da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin kariya a jajayen ƙwayoyin jini, wanda likitoci ke kira G6PD. Tun wajen 1980 likitocin yara a Legas suka nuna alaƙa tsakanin amfani da hodar mentol ga irin waɗannan jarirai da shawara mai tsanani. Iyaye da yawa ba su san ɗansu na da wannan ba sai abin ya faru. Naki ya wuce kwanakin jego, amma in Allah ya kawo ƙani, mantaleta da kafur ba sa kusantar cibiyarsa ko kayansa.

Abin da za ki yi wa ɗan wata 14

Ruwan gishiri shi ne abin da muke amfani da shi a asibiti. A kemis ana sayar da shi a 'yar kwalbar ɗigawa, ki ce a ba ki ruwan gishirin hanci na jarirai, ki duba ki tabbata an rubuta 0.9% kuma babu wani magani a haɗe. Na nanata wannan ne saboda ana yawan miƙo wa uwa maganin ɗigawa mai matse jijiyoyin hanci, wanda na manya ne, kuma in an wuce 'yan kwanaki ana sa shi hanci kan ƙara toshewa da zarar an daina. In babu kemis kusa, ki tafasa ruwa rabin lita, wato kwatankwacin ledar fiya wata ɗaya, ki zuba gishiri cokalin shayi ɗaya a shafe, ki ɗan rage kaɗan ma, ki bar shi ya huce sarai a rufe. In kin ɗanɗana kada ya fi hawaye gishiri. Abin da ya kwana a zubar a haɗa sabo.

Ki kwantar da shi rigingine a cinyarki, kai ya ɗan karkata baya. Ki ɗiga ɗigo 2 zuwa 3 a ƙofar hanci ɗaya, ki jira kamar rabin minti, ki yi wa ɗayar. Zai yi kuka, zai yi atishawa, atishawar ma aiki take yi. Ki goge abin da ya fito da ƙyalle mai laushi. In kina da 'yar robar zuƙe majina, ki matse ta tun a waje, ki sa bakinta a ƙofar hanci kawai ba can ciki ba, sannan ki sake ta a hankali. Lokacin da ya fi amfani shi ne minti 10 zuwa 15 kafin nono da kuma kafin barci. Zuƙewar kada ta wuce sau 3 ko 4 a yini, don yawan ta na ƙara kumbura hancin. Ki riƙa ba shi nono kaɗan-kaɗan akai-akai kina riƙe da shi a ɗan tsaye, da ruwa da kunu mai ɗumi tunda ya isa. Ya wuce shekara 1, saboda haka in akwai tari rabin cokalin shayi na zuma kafin barci ba laifi. Ɗan ƙasa da shekara 1 ne ba a ba zuma.

Ki kuma duba iskar ɗakin. A hunturu muna rufe taga da ƙofa, mu kunna turaren wuta, mu kunna maganin sauro na hayaƙi, wasu har su shigo da kaskon garwashi. Duk wannan hayaƙin yana ƙara kumburin da muke so ya sauka, garwashi a rufaffen ɗaki kuwa yana fitar da iska mai guba da ba a jin warinta, tana kuma kisa cikin barci. A daina turaren na 'yan kwanaki, a sa gidan sauro. In iskar ta bushe ƙwarai, ki shanya jiƙaƙƙen tawul a ɗakin. Wankan ruwan ɗumi kafin barci, wanda kika gwada da gwiwar hannunki, yana ba shi ɗan danshin da ake nema a sirace.

Ga Hajiya kuwa, ba sai kin ce mata maganinta ba shi da amfani ba. Ki ce a asibiti an ce yaron bai isa sirace ba saboda ƙuna da shaƙewa, ki nemi ta taya ki riƙe shi lokacin ɗiga ruwan gishirin. Na ga kakanni da yawa da suka fi iyayen iya wannan aikin.

Babbar da ke kanki

'Yar shekara 7 ta isa ta fyace majina, ƙofa ɗaya bayan ɗaya a hankali, kuma ruwan gishirin nan yana yi mata aiki. Man shafawa mai mentol ana iya shafa mata ɗan kaɗan a ƙirji da wuya da dare, ba a hanci ba, ba a fatar da ta yi rauni ba, sai dai in tana da asma ko ta taɓa jijjiga, a nan ki tambayi likitanta tukuna. Shayin na'a-na'a mai ɗumi ma za ta iya sha. Gaban tukunya dai ban yarda ba, hukumar lafiya ta Birtaniya ma ta daina ba da shawarar sirace ga yara gaba ɗaya, kuma yaran da suka girma ai sun fi yawan motsi.

Ke kuma in za ki yi, ki bari sai yaran sun yi barci ko suna hannun wani a wani ɗakin, don yaro mai tatata ya fi kowa iya bayyana inda ba a zata ba. Ki sauke ruwan ki bar shi ya ɗan sha iska na wasu mintoci, ki juye a kwano mai faɗin gindi, ki ajiye a kan wuri tsayayye, kada ki ɗora a cinya ko a kan katifa. Ganye ɗan damƙi ya isa, in mai ne ɗigo 2 ko 3. Fuska ta yi nesa da ruwan kamar kamu ɗaya da rabi, ido a rufe, minti 5 zuwa 10. Kada ki yi a kan murhu ko risho yana ci. Da kin gama ki zubar da ruwan nan take. In kin ji ƙirji ya matse ko tari ya taso ki bari, masu asma musamman ƙamshin kan tayar musu da ciwon.

Lokacin da ba mura kaɗai ba ce

Daga nan ba zan iya sauraron ƙirjin ɗanki ba, don haka ke ce idona. Mura a ƙaramin yaro takan ɗauki kwana 10 zuwa 14, kuma yana iya yin ta sau 6 zuwa 8 a shekara, balle mai yaya 'yar makaranta da ke kwaso masa. Majinar ta yi kauri ta koma ruwan ɗorawa ko kore a tsakiyar ciwon, wannan kaɗai ba ya nufin ana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Abin da nake so ki iya shi ne ƙirga numfashi. Ki bari yana kwance shiru ko yana barci, ki ɗaga rigarsa, ki ƙirga tashin ciki na minti 1 cikakke da agogon waya. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, yaro daga shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40 ko fiye numfashinsa ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa wata 11 iyakar 50 ce, ƙasa da wata 2 kuma 60. Naki na cikin rukunin 40. In kin samu 40 ko sama ki sake ƙirgawa, in ta maimaita ki kai shi asibiti a ranar, don alamar ciwon huhu ce. Ki duba kuma ƙasan haƙarƙarinsa: in wurin yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko yana wani ƙara mai kaushi alhali ba kuka yake ba, ko leɓɓansa sun canza launi, ko ya ƙi nono da ruwa gaba ɗaya, ko yana amayar da komai, ko ya yi laushi ba ya farkawa da kyau, wannan ba a jira gari ya waye. Zazzaɓi in ya haɗu da murar a yi gwajin maleriya, kada a ɗora komai a kan sanyi. In kuma kika ga majina mai wari tana fita ta ƙofar hanci ɗaya kawai, ki yi zargin ya cusa wani abu, ƙwayar gyaɗa ko wake ko dutsen ado, kada ki bi shi da tsinke, ki kai a ciro masa.